IDAN HOTON BAI FITO BA, KA RUBUTA CEWA BAI FITO BA

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu na yankin Bade da Nguru.

Akwai wani aiki da aka ɗora mana wanda ba ya cikin kwas ɗin kowa, kuma babu lakcaran da ya taɓa koya mana shi. Da zarar an ji ka samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Gashua, ko kwalejin Umar Suleiman, ko kwalejin shari'a ta Nguru, shi ke nan ka zama tafintan dangi. Kana zaune a hostal sai hoto ya shigo ta WhatsApp daga gida: takardar asibiti, takardar kotu, tsohuwar wasiƙa da ajami, rasidin fili. A ƙasa kuma ga saƙon murya: "Duba mana wannan ka gaya mana abin da aka ce." Ni daga Jakusko nake, kuma da wuya a yi wata guda ban samu irin wannan ba.

Maganata a yau guda ɗaya ce. Idan hoton ya yi dishi-dishi, dole mai fassara ya yi hasashe, wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne ya ɓoye hasashen, ya rubuta kalmar da ya cinka da irin rubutun da ya yi wa kalmar da ya gani ƙuru-ƙuru, har mai karatu ya kasa bambance su. Ni a ganina duk kalmar da aka cinka a yi mata alama a cikin fassarar kanta.

Bari in fara da abin da ke faruwa da hoton, don da yawanmu mun ɗauka in ka yi zum komai zai fito.

Hoto a waya tarin ƙananan ɗige-ɗige ne da ake kira fiksel. Waya mai kyamara megafiksel 12 tana ɗaukar fiksel 4,000 a tsawo, 3,000 a faɗi. Takardar A4 tsawonta milimita 297 ne. Idan takardar ta cika hoton daga sama har ƙasa, kowace milimita ɗaya ta samu fiksel kusan 13. Wannan ya isa, domin na'urar sikanin da ke shagunan kwamfuta in an saita ta a 300 kusan 12 take bayarwa a milimita. Wato wayar ba ta da laifi.

Matsalar tana farawa wajen turawa. In ka tura hoto ta hanyar da aka saba, WhatsApp yana matse shi don ya rage cin data, galibi tsawon ya koma wajen fiksel 1,600. Raba 1,600 da 297, ka samu biyar da ɗan wani abu a kowace milimita. To yanzu ka tuna yadda ƙanenka yake ɗaukar hoton: takarda a kan tabarma, rabin hoton tabarma ce da yatsun ƙafarsa. Takardar ta ci rabin wuri kenan, an koma ƙasa da fiksel uku a milimita. Ɗigon biro kuwa bai wuce rabin milimita ba. Ka ga ɗigon ya koma fiksel ɗaya da ɗan ƙari. Matsewar kuma abin da take fara zubarwa shi ne ƙananan abubuwa irin wannan.

Ƙara da dare. Yawanci sai bayan isha'i ake zama a tuna da takarda, a haska ta da tocilan. In haske ya yi ƙaranci kyamara takan daɗe a buɗe kafin ta gama ɗauka, kuma a wannan ɗan lokacin hannu ya motsa. Motsin da zai goce da milimita ɗaya a kan takarda ya isa ya haɗe ɗigo biyu su zama ɗan layi, ko ya ja ɗigo ɗaya ya yi kama da biyu. Ƙara da ƙurar hunturu a gilashin kyamara. Ƙara da wanda zai yi sikirinshot ɗin hoton ya sake turawa. Abin da ya zube a hanya ya zube, zum ba ya dawo da shi, ƙara wa dishi-dishin girma kawai yake yi.

To ina hasashe yake shigowa? Ido ba ya karanta harafi ɗaya-ɗaya. Kana ganin siffar kalma da abin da ya gabace ta, sai ƙwaƙwalwa ta cike sauran tun kafin ka lura. Shi ya sa in takarda ta fara da Bisimilla, ko da tawada ta zube a kai za ka karanta, kuma ka yi daidai. Haka "shaidu", haka "wassalam". Waɗannan ma'anar jimla tana riƙe su. Amma akwai kalmomin da jimla ba ta iya riƙewa: adadi, sunan mutum, sunan wuri, kwanan wata, da wanda ya yi aikin. "Buhu bakwai" jimla ce mai kyau, "buhu takwas" ma jimla ce mai kyau. Babu abin da zai ƙaiƙaye ka a kunne. Kuma abin haushi, waɗannan kalmomin su ne dalilin da ya sa aka rubuta takardar tun farko.

A ajami abin ya fi tsanani, duk wanda ya yi allo ya san dalili. Ba da ta da nun da ya, in suna farkon kalma ko tsakiya, jikinsu ɗaya ne: ɗan haƙori. Ɗigo ne kawai ya raba su. Ba ɗaya a ƙasa, nun ɗaya a sama, ta biyu a sama, ya biyu a ƙasa. Ra da zaira ɗigo ne. Sin da shin ɗigo ne. Ga kuma tarkon da ke kama 'yan Islamiyya da suka saba da bugun Hafsu: a rubutun Warshu na tsangayunmu fa ɗigonta ɗaya a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗaya a sama. Wanda bai sani ba zai ga ƙaf ya karanta fa ko da hoton ya fito tar, balle ya yi hazo.

Ga misalin da ya zo hannuna a zangon karatun da ya wuce, ba zan ambaci sunan kowa ba don masu abin suna nan da ransu.

Wani dattijo a wani ƙauye na ƙasar Jakusko ya taɓa jinginar da gonarsa ta fadama a kan buhunan gero. An rubuta a fallen littafin makaranta, da biro, da ajami, layi tara. Shi da wanda ya ba shi geron duk sun rasu. 'Ya'ya suna son fansar gonar, ɗaya daga cikinsu yana aiki a Damaturu, ya ce a juya takardar zuwa boko, a kuma fassara da Turanci ya nuna wa wani lauya abokinsa kafin a je gaban Lawan. Aka turo min hoto da daddare.

Layi bakwai sun karantu ba gardama. Biyu suka tsaya min.

Na farko shi ne adadin buhunan. Ku dubi kalmomin nan biyu ba wasali: بكوي da تكوس. Ta farko bakwai, ta biyu takwas. Duka sun fara da ɗan haƙori, sai kaulasan, sai wau, sai harafi mai ƙugiya a ƙarshe. Bambancin farko ɗigo ne, ɗaya a ƙasa ko biyu a sama. Bambancin ƙarshe ya ara ce ko sin ara, kuma mai saurin rubutu yakan shafe haƙoran sin ya ja ta a miƙe. A hoton da aka turo, akwai wani duhu-duhu a ƙarƙashin haƙorin, amma layin littafin ya bi ta daidai wurin. Zuciyata ta fi kwanciya da bakwai. Amma kwanciyar zuciya daban, gani daban.

Na biyu shi ne layin ƙarshe, wanda aka ƙara daga baya da wani biron dabam. Ya ce wani ya karɓi buhu uku. Wa ya karɓa? Kalmar farko ko dai نا ce ko يا, wato "na karɓi buhu uku" ko "ya karɓi buhu uku". Takardar a hannun mai bin bashi take. In "na karɓi" ne, to an biya shi uku, bashi ya ragu. In "ya karɓi" ne, to mai gona ne ya dawo ya ƙara cin uku, bashi ya ƙaru.

Yanzu ku yi lissafin da kanku. Bakwai a cire uku, huɗu. Takwas a cire uku, biyar. Bakwai a ƙara uku, goma. Takwas a ƙara uku, sha ɗaya. Ɗige-ɗigen da duk ka tara su ba su kai ƙwayar gero biyu ba, amma tsakanin buhu huɗu da buhu sha ɗaya suke lilo. Kowa ya san abin da buhu bakwai na gero yake nufi a gidan manomi, kuma ya san irin gabar da gonar fadama take haifarwa tsakanin gidaje biyu.

Ga yadda na rubuta layukan biyu:

"...a kan gero buhu [bakwai? zai iya zama takwas, ɗigon harafin farko bai fito ba]..."

"[Na? ko Ya? harafin farko bai karantu ba] karɓi buhu uku."

Haka na yi a Turancin ma, a daidai wurin, ba a ƙasan shafi ba. Sannan na ce a sake ɗauko hoton da hantsi.

Washegari sabon hoto ya zo. Adadin ya fito fes, bakwai ne, ɗigo ɗaya a ƙasa. Wani zai ce to ai da ka rubuta bakwai ɗin tun jiya da ka huta. A'a. Jiya cinka ce ta faɗa daidai, yau ne ya zama sani. Layin ƙarshen kuwa bai warware ba, domin a nan ba hoton ne da matsala ba: ninkin takardar ya bi ta kan harafin, wurin ya cinye. Ko da takardar a hannunka ba za ka ga ɗigon ba. Alamar ta zauna a fassarar, kuma ita ce ta sa aka san abin da za a tambaya. A cikin shaidu uku da aka rubuta ɗaya yana raye, sai aka nufi wurinsa da tambaya guda tak maimakon a je ana jayayya a kan takarda duka.

Ku lura da wannan, don shi ne ginshiƙin maganata. A asalin takardar, shakkar a fili take, kowa ya duba zai ga wurin ya dushe. Da zarar ka buga ta da boko a waya, "bakwai" da "takwas" ba su ƙara yin kama ba. In ka mai da ita Turanci kuwa, ko alamar kamanni babu. Lauyan da ke Damaturu bai iya ajami ba, ba zai taɓa zargin cewa akwai wani "takwas" da ya ɓuya a bayan kalmar ba. Fassara tana wanke shakka, ta fito da ita sanye da fararen kaya kamar tabbas. Kai kaɗai ne mutumin da ya ga wurin da ya dushe. In ka yi shiru, babu wanda zai ƙara sani. Kuma rubutun da aka buga tsaf, musamman da Turanci, kwarjini gare shi a ƙauye. Bulama zai ce "ai ɗan jami'a ne ya fassara", magana ta ƙare.

Kada wani ya ɗauka wannan tsirfar 'yan boko ce. Malaman hadisi sun riga kowa. Suna da babi guda mai suna tas'hifi, wato kuskuren karatu saboda ɗigo ko kamannin haruffa, har Abu Ahmad al-Askari ya yi littafi sukutum a kan wanda ya auku ga masu ruwaya. Misalin da ya shahara ya shafe mu kai tsaye: hadisin azumin Sitta Shawwal, an ruwaito cewa Abubakar as-Suli ya karanta "sittan" a matsayin "shai'an", shida ta koma "wani abu". Babban malami ne fa, ba ɗan aji ɗaya ba. Ibnus Salah, wanda ya rasu a 643 bayan Hijira, ya bayyana a Muƙaddimarsa yadda masu kwafe littafi suke yi: kalmar da aka tabbatar a rubuta mata "sahha", wadda aka same ta haka amma akwai shakka a kanta a ɗora mata wata 'yar alama mai kama da kan sodi, a bar ta yadda take, ba a gyara ta da ra'ayi ba. Dalilinsu shi ne wata rana wani zai zo da kwafin da ya fi kyau ko ilimin da ya fi naka. Turawa masu karanta tsofaffin rubuce-rubuce su ma sun zauna a birnin Leiden a 1931 suka daidaita nasu alamomin: abin da aka cike da hasashe a sa shi a baka mai kusurwa, harafin da ba a tabbatar ba a sa masa ɗigo a ƙasa. Wannan ta ƙarshen kam kada ka gwada ta a ajami, sai ka mai da nun ta zama wani abu.

Na san abin da ke hana mu. Kunya ce. Kawu ya turo takarda, ka mayar masa da alamar tambaya, sai ka ji kamar za a ce duk kuɗin makarantar nan a banza, ɗan jami'a guda ya kasa karanta layi tara. Tsakani da Allah wannan tsoron gaskiya ne, kuma akwai masu faɗar hakan. Amma ka auna. In ka ce "Kawu, wuri biyu hoton bai fito ba, a sake ɗauka," abin da zai biyo baya ɗan tsaki ne da jinkirin kwana ɗaya. In ka cinka ka ɓoye, sannan aka buɗe asalin takardar a gaban Lawan wani alaramma ya karanta akasin naka, ba layin nan kaɗai za a zubar ba, duk fassarar ce, kuma ɗaya ɓangaren zai ce da gangan ka yi don danginka. A maganar gado da gona babu mai yarda kuskure ne.

Wasu kuma sukan ce ai na faɗa musu a saƙon murya cewa ban tabbata ba. Wannan bai wadatar ba. Rubutun ne ake turawa gaba, shi ake kaiwa shagon kwamfuta a buga, muryar tana nan a wayar mutum ɗaya. Bayan mutum uku gargaɗin ya ɓace. Alamar ta zauna a jikin kalmar, duk inda kalmar ta je su je tare.

Akwai ƙorafi ɗaya da na yarda da shi: fassarar da ta cika da alamar tambaya ba ta da amfani. Gaskiya ne. Idan kusan kowane layi sai ka cinka, to ba fassara kake yi ba, ƙirƙira kake yi, ka ajiye ka nemi sabon hoto. Kuma ba kowace shakka ce ɗaya ba, ni iri uku nake rabawa. In na fi karkata ga karatu ɗaya, in rubuta shi da alamar tambaya a cikin baka, in faɗi abokin takararsa. In biyun sun yi kunnen doki, in rubuta su duka ban fifita ba. In ba a ganin komai, in rubuta [kalma biyu ba su karantu ba], da adadinsu, don a san girman ramin. Sannan in faɗi dalili, hoto ne ko takarda, domin na farko sabon hoto yana maganinsa, na biyu sai shaida. Suna kuwa ba na cinkarsa sam. Hasan da Husaini a ajami haƙori ɗaya da ɗigo biyu ne tsakaninsu, kuma a gida ɗaya ake samunsu. Sunayen Bade da na Manga da na ƙauyukanmu, wanda bai tashi a nan ba in ya cinka sai ya ja su zuwa sunan Hausa ko na Larabci da ya saba ji.

Kada 'yan kimiyya su ce wannan matsalar masu ajami ce. Mu da ke Gashua mun san yadda ciwon ƙoda ya addabi yankin nan, kuma takardun gwaji suna yawo a wayoyinmu kullum. Tsakanin 1.2 da 12 ɗigo ɗaya ne, irin wanda matsewar hoto take haɗiyewa. Irin wannan takardar ma ni ba na fassara lambobinta daga hoto, cewa nake a kai wa likita asalinta. Haka mai furojet da ya ɗauko hoton tsohon rahoto a laburare, 3 ta yi kama da 8, ya zaɓi wadda ta dace da abin da yake son ya tabbatar.

In kai ne za ka sa a ɗauko hoto daga gida, gaya musu dalla-dalla, kada ka ce "a ɗauka da kyau" kawai. A fita waje da hantsi, a inuwa mai haske, ba cikin rana tsaka ba kuma ba da filasha ba. A goge gilashin kyamara da gefen riga. A shimfiɗa takardar a kan faranti ko allo, a danne gefunan, wayar ta tsaya daidai samanta ba a karkace ba. Takardar ta cika hoton. A taɓa kan rubutun a jira ya washe kafin a danna. A ɗauki shafin duka sau ɗaya, sannan a matso a ɗauki rabin sama da rabin ƙasa daban. A ɗauki bayan takardar ma, don tawadar baya takan ɓullo ta yi kama da ɗigo, haka kashin ƙuda a tsohuwar takarda, wallahi ya sha mai da ra ta zama zaira. Wajen turawa a danna alamar maƙala fayil a zaɓi Document, shi ne ba ya matse hoton. In hakan ya gagara, a danna HD, wanda aka ƙara a 2023. Zai ci data fiye da yadda aka saba, kuma da netwok irin na ƙauyukan Jakusko wataƙila sai an hau tudu ko an jira dare kafin ya tafi.